Daƙiƙa Hamsin da Biyu na Ruwan Kanal

Daƙiƙa hamsin da biyu nake da su na ƙarar ruwa, maganar da zan shimfiɗa su a ƙarƙashinta kuwa minti goma sha ɗaya ce. Wannan shi ne lissafin da ya cinye mini mako biyu a shekarar da kawuna ya kwanta.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Ya yi shekara talatin yana buɗe ƙofar ruwa yana rufewa a wani reshen kanal da ke tsakanin Kura da Bunkure. Kowace shekara, kafin a saki ruwan rani, manoman reshen kan taru a filin makarantar firamare, shi kuma ya miƙe ya faɗi yadda za a raba kwanaki tsakanin masu gonaki a sama, kusa da ƙofa, da na ƙasa, waɗanda ruwa ke isa wurinsu a ƙarshe. Ba hukuma ce ta ɗora masa wannan ba. Mutane ne suka saba cewa in ya faɗa, an rage gardama.

A ƙarshen damina ya samu shanyewar ɓarin jiki. Hankalinsa na nan daram, harshen ne ya yi nauyi. Yakan fara jimla, ya tsaya, ya yi ta neman kalma, wani lokaci ya maimaita gaɓa ɗaya sau huɗu kafin ta fita. Babban ɗansa, wanda taubashina ne kuma shi ke noma gonar gidan, ya zo ya same ni.

"Malam na rediyo," in ji shi, "yau dai aikinka zai yi wa wani amfani. Baba ya ce sai ya yi magana a taro. In ya tsaya gaban mutane a haka, ciwon za su saurara, ba shi ba. Na sama kuma dama nema suke."

Na yi shekara goma sha tara ina haɗa shirye-shirye a gidan rediyo kafin in dawo gida, saboda haka na ce masa abu ne mai sauƙi. Za mu naɗi maganar a ɗaki, a hankali, in gyara, a sa a lasifika ranar taro Kawu na zaune a gefe. Har yanzu ina jin kunyar wannan kalma ta sauƙi.

Kwana tara muka yi muna naɗa, kullum da hantsi, lokacin da bakinsa ya fi sakewa. Ban canza masa kalma ko ɗaya ba, ban kuma sauya jerin maganarsa ba. Shiru mai tsawo na cire, da inda harshe ya sarƙe, da inda ya sake jimla don ta farko ba ta yi masa ba. Da na gama, yankan ya haura ɗari biyu. Maganar ta miƙe, amma ɗakin da ke bayanta ya tona mini asiri. Ran Litinin fanka na juyawa. Ran Talata babu wuta, sai gurnanin injin casar shinkafa daga bayan layi. Ran Alhamis an bar taga a buɗe. Kunne ba ya lura da irin wannan ƙara in tana tafe ba yankewa, amma da zarar ta yi tsalle a tsakiyar jimla sai kowa ya ji. Na rage abin da zai ragu da na'ura, na tsaya a inda muryar ta fara zama kamar daga cikin tulu take fitowa. Saura ya rage, kuma duk wanda ya ji zai ce an yi wa dattijo ɗinki, wataƙila ma ya ce an sa masa magana a baki.

Maganin wannan sananne ne a aikinmu. Ana shimfiɗa wata ƙara marar yankewa a ƙasa, a hankali, ta rufe tsalle-tsallen. Ga mutumin da ya ƙare rayuwarsa a bakin kanal, ba sai an yi dogon tunani ba, ruwa za a sa. Sai ɗan kiɗan gurmi a farko da tsakanin sassa uku na jawabin, don mutane su sami wurin numfasawa.

Matsalar ita ce an rufe ruwan tun daga sama ana yashe kanal, kuma ba za a sake shi ba sai bayan taron. Na bi reshen a kan babur har ƙarshe, babu komai sai laka da ta tsattsage da yara masu tonon kifi a kwatami. Na binciki tsofaffin faya-fayaina, na sami wata hira da na taɓa yi a bakin wata gona a can ƙasa. Mafi yawanta surutu ne da ƙarar babura. Wurin da ruwa kaɗai ke magana daƙiƙa hamsin da biyu ne.

Na jera su sau goma sha uku, gindin wannan a kan bakin wancan, na ɗora muryar Kawu a sama. Ban ko saurara da kyau ba, don na ƙagu in nuna. Na kai zauren gidan Kawu, inda taubashina ke zaune da maƙwabtansa biyu, na kunna a ƙaramar lasifika.

Minti ɗaya bai cika ba aka ji ƙas. Bayan wani ɗan lokaci, ƙas.

"Wa ke kashe kwarkwata a bayan Baba?" in ji taubashina.

Ɗaya maƙwabcin ya ɗaga yatsa. "Ku bari, ku bari. Ga ta nan za ta zo." Sai kuwa kurciya ta yi kuka, sau uku, daidai yadda ta yi ɗazu. Suka kwashe da dariya.

"Wannan kurciya ma'aikaciyar gwamnati ce," in ji shi. "Ba ta makara."

Suka zauna suna jiranta, duk zuwanta sai sun yi mata sannu da aiki. Da jawabin ya ƙare na tambaye su kwana nawa Kawu ya ba na ƙasa. Babu wanda ya sani. Na naɗe wayoyina na fita. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne duk kurakuran nan biyu na san su tun shekarata ta farko a aiki.

Ƙas ɗin ba wani abin mamaki ba ne. A fuskar kwamfuta sauti zane ne da ke hawa da sauka a kan wani layi na tsakiya. In ƙarshen yanki ya tsaya a can sama, farkon mai bi masa ya tashi daga can ƙasa, to fatar lasifika dole ta yi tsalle nan take daga wannan wuri zuwa wancan. Tsallen nan shi ne ƙas. Na mayar da faifan zuwa hanya ɗaya maimakon dama da hagu, tunda lasifikar taro ɗaya ce, kuma hanyoyi biyu ba sa ratsa layin tsakiya a lokaci guda. Na faɗaɗa zanen har ya zama kamar tsaunuka, na yanka bakin da gindin daidai inda suke ratsa layin, dukansu suna hawa. Ƙas ya tafi.

Amma mahaɗar ba ta ɓace ba. A farkon naɗin makirufo na kusa da ruwa, a ƙarshe hannuna ya ɗan ja baya, saboda haka duk zagaye sai ruwan ya yi kamar an buɗe masa ƙofa farat ɗaya. Na ɗora gindin a kan bakin na tsawon daƙiƙa biyu, wannan na dusashewa wancan na tasowa. Sai ga wani sabon abu, a tsakiyar haɗin ƙarar na faɗawa rami kaɗan ta fito, kamar ruwan ya ja numfashi. Na yi rabin yini ina zargin kunnena kafin in tuna. Na bar dusashewar a miƙe ne, wadda ke rage kowanne zuwa rabi a tsakiya. Ƙarar ruwa biyu da ba su yi daidai da juna ba, rabi da rabi ba sa cika ɗaya a kunne. Sai an lanƙwasa layin yadda kowanne zai riƙe ƙarfinsa ya ɗan jima. Na lanƙwasa, ramin ya cike.

Kurciya kuwa yanke ta na yi, daƙiƙa huɗu suka tafi da ita.

Gurmin ya zo da tasa rigimar. Wani makaɗi na taɓa naɗa a kasuwar Kura, daƙiƙa ashirin masu tsabta. Kamar kowane makaɗi mai rai, yana tafiya yana ƙara sauri, don haka in gindin ya koma baki sai kiɗan ya yi tuntuɓe kamar wanda ya taka rami. Na nemi tsakiya inda hannunsa ya daidaita, na ɗauki jimloli biyu na kiɗa, na yanka dab da inda yatsa zai bugi tsirkiya. Duk da haka wani abu na damuna. Bugun ƙarshe yana da amo mai ja, ni kuwa na datse shi, sai kiɗan ya riƙa yin kamar an toshe masa baki. Na ɗebo wannan amon daga asalin faifan, na shimfiɗa shi a ƙarƙashin bugun farko, yadda zai ci gaba da mutuwa a hankali yayin da zagaye ya sake farawa. Ya zauna. Na kuma yanke wa kaina hukunci cewa ba zai zagaya fiye da sau biyu a wuri ɗaya ba kafin ya nutse cikin ruwan. A zagaye na uku ko wanda bai san kiɗa ba zai gane.

Ruwan ne ya ƙi. Babu ƙas, babu rami, babu kurciya, amma bayan minti uku kunne ya haddace shi. Ruwa ba ya yin ƙara iri ɗaya. Akwai inda yake kauri, akwai inda yake sirancewa, akwai wani ɗan gulma-gulma da yake yi a gefe. Duk wannan yana dawowa a jere, kuma da zarar mutum ya gane jerin, ya daina jin magana ya koma jiran abin da zai biyo.

Na gwada hanyoyin da na san ba za su yi ba, don kawai in ce na gwada. Na juya faifan ya tafi da baya, ruwan ya koma kamar ana zuƙe shi da bakin ƙwarya. Na sa matata ta riƙa tsiyaya ruwa daga bokiti zuwa baho a tsakar gida, ta yi ta yi har hannunta ya gaji.

"Kai kam," ta ce, "duk wanda ya ji wannan ya san wanka ake yi."

Na sauko da ƙarar wani rafi daga intanet. Taubashina ya saurara na daƙiƙa biyar ya cire abin ji daga kunnensa.

"Wannan ruwan a kan duwatsu yake gudu. Ina ka ga dutse a kanal ɗinmu? Ɗan birni, ka mai da Baba mutumin wata ƙasa."

A cikin daƙiƙun da suka rage mini akwai wata ƙara da nake so. Wajen ƙarshe, ruwan kan yi wani ƙwal-ƙwal-ƙwal mai zurfi, sannan wani ɗan shaƙa, sannan ya ɗan lafa. A kunnena ita ce mafi daɗi a duk faifan, ita ce ke sa mutum ya ji lallai a bakin gona yake. Sai dabara ta zo mini. Na ciro ta daga cikin zagayen, na ajiye ta daban, sannan na warwatsa ta a kan jawabin ba bisa wani tsari ba, nan bayan daƙiƙa talatin, can bayan saba'in, wata da ƙarfi, wata can nesa, wata na ɗan sauke mata murya. Sau goma sha huɗu. Haka ake yi, ƙarar da ke zuwa ba zato tana ɗauke hankalin kunne daga shimfiɗar da ke maimaituwa. Na saurara sau biyu, na ji daɗin kaina a karo na farko cikin kwana goma.

Saura kwana uku taro na kai wa Kawu. Yana kishingiɗe a kan tabarma an tokare shi da matashi, taubashina na zaune a bakin ƙofa yana gyaran fartanya. Gurmi ya shiga, ya nutse, ruwa ya taso, muryar Kawu ta yi sallama a miƙe kamar da. Na ga idonsa ya kawo ruwa, na kau da kaina.

Sai ƙwal-ƙwal ɗin farko ya zo. Kawu ya ɗago kai. Da na biyu ya zo, ya fara yunƙurin tashi, hannunsa mai lafiya ya miƙe, tafin ya dunƙule kamar zai toshe bakin wani abu. Taubashina ya ajiye fartanyar.

"Kashe," in ji shi. Babu wasa a muryarsa.

Na kashe. Kawu na nuna lasifikar, bakinsa na aiki. Muka jira.

"Tiyo," ya ce. "Ya sha... iska."

Taubashina ne ya yi mini bayani, yana magana a hankali kamar ga yaro. A gonakinmu ba a fasa bakin kwata, wato hanyar ruwan da ke bi ta gefen gona, don a shigar da ruwa. Lanƙwasasshen tiyo ake nutsawa a ruwa ya cika, a toshe bakinsa da tafin hannu, a ɗora shi a kan gaɓa, ya riƙa janyo ruwa zuwa cikin fangalin shuka da kansa. Muddin ruwan kwata na da zurfi, shiru yake aikinsa. In ruwan ya ja baya har bakin tiyo ya fito, sai ya zuƙi iska, ya yi wannan ƙwal-ƙwal ɗin, ya mutu.

"Ka san me ke sa ruwa ya ja baya da rana tsaka a gonar ƙasa?" ya tambaye ni.

Na sani. Wani ne a sama ya tare.

"To. Duk mutumin ƙasa da ya ji wannan ƙara, ransa ne ke ɓaci. An yi doke-doke a kanta. Kai kuma ka ɗauko ta ka jera a ƙarƙashin Baba yana cewa a yi haƙuri da juna. Sau nawa ka sa?"

"Sha huɗu."

"Sha huɗu! Baba, ka ji ɗan 'yar'uwarka. Da ma ka bar mana kurciyar."

A garin nan aka haife ni. Na wuce tiyo dubu a bakin gonaki. Ban taɓa tsayawa da ruwa a idon sawuna ina kallon shinkafata na bushewa ba, shi ya sa na ji ƙarar a matsayin ado. Na kwashe kayana na koma gida.

Da na cire kurciya da tiyo, abin da ya saura yanki biyu ne, ɗaya daƙiƙa ashirin da biyar, ɗaya goma sha tara. Maimakon in haɗa su su zama zagaye ɗaya, sai na mai da kowanne zagayen kansa. Bayan haɗin baki da gindi ya ci biyu-biyu, suka zama ashirin da uku da goma sha bakwai. Na ɗora su a kan juna, kowanne na juyawa da tsawonsa. Da yake babu lambar da ke raba su biyun, ba za su sake haɗuwa a inda suka fara ba sai bayan minti shida da rabi. Kafin nan, duk lokacin da kaurin wannan ya dawo, wani wuri daban na wancan zai tarar. Na rage wa ɗaya kaifi don ya zama kamar daga nesa, na kuma bi tsawon jawabin da hannu ina ɗan ɗaga wannan ina sauke wancan, a hankali yadda ba za a kama ni ba.

Washegari da sassafe na tafi bakin busasshen kanal da rakoda. Ruwa ne babu, amma iska na nan cikin ciyawa, tsuntsaye na nan, wani na wucewa da keke can nesa. Na naɗi minti ashirin, na zaɓi ƙananan abubuwa tara, na sa kowanne sau ɗaya tak. Kafin in sa, sai da na kira taubashina ya saurare su ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan fa?"

"Tsuntsu ne kawai."

"Ba mai cin shinkafa ba?"

Ya sake saurara. "A'a. Amma na uku ɗin nan cire shi, shi ne. Ka fara hankali, Malam."

Na so in gwada a lasifikar da za a yi taron da ita, irin mai bakin ƙaho da ake ɗaurawa a kan mota. Mai ita ya tafi biki Madobi, bai dawo ba sai safiyar taron. Na san haɗarin. Abin ji na kunne yana ba da sauti duka, ƙaho kuwa yana zubar da kauri ya turo tsakiya gaba, kuma abin da ya ɓuya a ɗaki yakan fito fili a cikinsa. Na yi abin da zan iya, na yanke kaurin a kwamfuta na saurara a ƙaramar rediyo. A lokacin kunnena ya riga ya mutu. Na ji ruwan nan sau ɗaruruwa, ban iya bambance abin da ke cikinsa da abin da ke cikin kaina.

Aka taru bayan azahar a ƙarƙashin bishiyoyin makaranta. Aka kawo Kawu a mota, aka zaunar da shi a kujera. Taubashina ya tashi ya gaya wa jama'a gaskiya, cewa Baba ya yi maganarsa ne a gida cikin kwana tara, an haɗa ta, kuma ga shi nan zaune, duk wanda ke shakkar wata kalma ya tambaye shi. Na tsuguna kusa da na'urar, bayan kujerar Kawu kaɗan, na danna.

Gurmi ya wuce lafiya. Ruwa ya taso. A daƙiƙa ta ashirin da wani abu na ji shi. Wani ɗan ɗul, kumfa ɗaya da ta fashe kusa da makirufo shekarun baya, wadda kaurin ruwa ya rufe a ɗakina. Ƙahon ya tsince ta ya ajiye a gaba. Ba ta da ƙarfi. Amma tana cikin zagayen ashirin da uku, kuma na san za ta dawo kusan sau talatin kafin a gama. Ɗora zagaye a kan zagaye yana ɓoye jeri, ba ya ɓoye abu ɗaya mai kaifi. Babu abin da zan iya yi. Na ƙirga a zuci, ta dawo a kan lokaci.

Na duba fuskokin mutane ina jiran wanda zai fara ɗaga yatsa. Maƙwabcin nan mai kurciya yana gaba-gaba, ya sunkuyar da kai. Minti uku. Minti biyar. Sai muryar Kawu ta iso inda ya ce bana a fara ba na ƙasa kwana biyu a jere kafin na sama su buɗe. Wani dattijo daga cikin na sama ya zabura, ya nuna ƙahon da sandarsa.

"A'a, Malam! Ba haka aka yi bara ba!"

"Zauna ka bari ya gama!" aka ce daga baya.

"Ai shi nake gaya wa!"

Ƙahon yake yi wa gardama, kamar mutum. Can ya tuna, ya juyo wajen kujerar, Kawu ya gyaɗa masa kai alamar e, haka na ce. Aka ja dattijon ya zauna, muryar ta ci gaba.

A nan ne idona ya sauka a kan hannun Kawu. Yana kan gwiwarsa, kuma yatsansa manuni ya ɗaga ya sauka. Na ƙirga. Ashirin da uku, ɗul, yatsa ya sauka. Ashirin da uku, ya sake. Bai kalle ni ba. Haka ya yi ta yi har aka kai ga addu'ar rufewa, jama'a suka shafa, gurmi ya ɗauka ya dusashe.

Gardama ta ɓarke nan take, a kan kwanaki, a kan wanda zai riƙe makullin ƙofa, a kan wanda bai fito yashe ba. Har la'asar ana yi. Ba duk abin da Kawu ya nema aka ba shi ba, kwana biyun sun koma ɗaya da rabi. Amma kowa da kalmominsa yake kafa hujja, har waɗanda ke ƙin su. Ban ji wanda ya ambaci ruwa ko kiɗa ba.

Da muke sa shi a mota ya riƙe mini hannun riga. Na sunkuya, na jira kalmomin su fito.

"Ruwanka," ya ce. "Ba ya... tafiya. Zagaye yake."

"Na sani, Kawu. Amma an ji ka har ƙarshe."

Ya dubi filin, inda har yanzu mutum biyu ke nuna wa juna yatsa.

"An ji," ya ce. Ya saki rigar.

Taubashina ya leƙo ta taga. "Me Baba ya ce?"

"Ya ce ka yi tuƙi a hankali."

Da na koma gida na buɗe faifan, na nemo kumfar. Tsawonta bai kai ƙiftawar ido ba. Cire ta bai ɗauke ni minti ɗaya ba, kuma babu sauran wanda zai saurari faifan.

Bayan kwana shida aka saki ruwa. Na ɗauki rakoda na tafi gonar gidan da hantsi, na kafa makirufo a bakin kwata, na zauna a kan gaɓa na naɗi minti arba'in ba tare da na motsa hannu ba. Taubashina na cikin fangali yana jera tiyo, laka har gwiwa. Ya ɗago ya dube ni.

"Yanzu kuma na wane taron ne?"

Na ɗora yatsa a baki. Maganarsa ta shiga a minti na goma sha biyu, kuma na bar ta a ciki.